Wata Takwas da Sau-ciki Mai Ruwan Makuba

Na daɗe ina ajiye takalma iri biyu, ɗaya na zuwa ofis da wandon yadi da taguwa, ɗaya kuma na Juma'a da ɗaurin aure, har sai da wata tafiya ta kwana uku ta sa na fara neman ƙafa ɗaya da za ta ɗauki duka biyun. Bayan na zagaya Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, sai na tsaya a wajen wani baduku, ya auna ƙafata, ya ɗinka mini sau-ciki na fatar saniya mai lamba 43. Yau wata takwas ke nan ina sa shi kusan kullum.

Dalilin da ya sa na zaɓi sau-ciki yana da alaƙa da yadda ƙafar wando ke sauka. Wandon kaftani yakan tsuke a ƙasa, ya tsaya a idon sawu, saboda haka takalmin gaba ɗaya yana fili, kuma idan mai igiya ne mai kaurin tafi, sai ya yi wa shadda nauyi kamar an aro shi. Shi kuwa wandon yadi na ofis yakan sauko ya kwanta a kan takalmi, shi ya sa hafkoba, wanda yake yin kyau ƙwarai da babbar riga, ba ya yi masa, domin bakin wandon yana shigewa ƙarƙashin diddige, mutum ya riƙa taka shi har ya zare. Sau-ciki yana da rufaffen baya da ke tare wandon, kuma samansa a shafe yake, ba ya gasa da aikin wuyan riga. Ban da haka, wanda zai cire takalmi a ƙofar masallaci sau biyar a rana ya san wahalar ɗaure igiya.

A kan launi muka fi daɗewa da badukun. Ni baƙi na so, shi kuma ya ce mini, "Alhaji, baƙi yana yi wa farar shadda tsauri, ka ɗauki ruwan makuba mai duhu." Na bi shawararsa, kuma ban yi nadama ba, domin ya shiga da farar shadda, da ruwan madara, da shuɗiya mai duhu, haka kuma ya zauna da wando ruwan toka da na kaki. Inda ya gaza shi ne baƙin wando, wanda duk lokacin da na haɗa su sai in ga kamar kowanne yana jan nasa. Na kuma hana a sa masa ƙarfe mai ƙyalli a sama, na ce a bar bakinsa da ɗan zagaye, dunduniyar kada ta wuce santimita 2, saboda takalmi mai tsinin baki yana leƙowa daga ƙarƙashin babbar riga fiye da kima.

Fatar kam ta gaske ce. Na gane haka ne da na danna ta da yatsa ta yi ƙananan tamoji sannan ta koma, bayanta kuma yana da gashi-gashi, ba yadin da ake mannawa a bayan leda ba. A makon farko ya matse ni a saman ƙafa, amma kafin mako na uku ya saki daidai, wanda shi ne dalilin da bai kamata a sayi sau-ciki da yalwa ba, tunda babu igiyar da za ta riƙe shi idan ya buɗe.

Aibinsa yana tafinsa. Da gam kawai aka manna shi, kuma a tsakiyar damina, wata na biyar da saye, bakin ƙafar dama ya fara ɗagowa, sai da na kai aka zagaye shi da ɗinki. Da na sani tun farko, da na biya ƙarin kuɗin ɗinkin kafin in karɓa. Akwai kuma laifina: nakan zura ƙafa da danshin alwala, wani lokaci in take bayan takalmin don sauri, har ya fara karyewa. Yanzu ina goge ƙafata tukuna, in sa yatsa in ɗaga bayan, kuma da hunturu ya shigo nakan shafa masa man takalmi sau biyu a mako don kada fatar ta tsage. Idan zan sake yin wani, wannan samfurin zan maimaita, amma da tafin roba marar kauri wanda aka ɗinke tun daga shago.