Wankin tankin siminti: abin da na gani a Jidda

Yaya, da sauran ’yan kwamitin masallacinmu, ina gaisuwa. Na ji ana shirin wanke tankin simintin nan na bakin masallaci kafin azumi, to ku dakata da sayen omo tukuna.

Gidan da muke haya a nan Jidda tankinsa na siminti ne, a ƙarƙashin ƙasa, kamar yawancin gidajen garin. Da maigidan ya kira masu wanki, mutum uku suka zo da injin zuƙo ruwa, da burushi mai tauri, da tiyo mai feshi da ƙarfi. Ko ƙyallin sabulu ban gani ba. Na tambayi babbansu, sai ya ce siminti ba roba ba ne, yana da ƙananan kafofi da ke shan abin da aka zuba masa, daga baya ya riƙa sako shi cikin ruwa. Nan take na tuna shekarar da aka wanke namu da omo da maganin wankin masai, muka daɗe muna shan koko mai warin asibiti, kowa yana cewa ai ƙamshin tsabta ne. Magani muka sha, Yaya.

Sun kwashe ruwan, suka kwashe lakar ƙasa da bokiti, suka goge bango da kusurwoyi har gansakuka ta fita, suka ɗauraye suka sake zuƙewa. Duk lokacin da ɗaya ke ciki, ɗaya na tsaye a bakin murfi yana kallonsa, don iskar cikin tanki na iya sumar da mutum. Mu kuwa yaro muke zurawa shi kaɗai, manya su koma inuwa. Sai da tankin ya fita fes suka ɗauko kulorin, domin idan akwai laka, ita ce za ta cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta.

Awon da suka yi shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar: giram 80 na garin kulorin, wanda ake rubuta HTH a jikin mazubinsa, ga kowace lita 1000 da tanki ke ci. Namu na masallaci in ban manta ba mita 2 ne tsawo, mita 2 faɗi, zurfi mita ɗaya da rabi, wato lita 6000. Giram 480 ke nan, kusan rabin kilo. Idan garin kulorin bai samu a Ringim ko Kano ba, bilic na kanti mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari zai yi, kimanin lita 8 da rabi, amma marar turare, don turaren shi ma saura yake bari. A fara tara ruwa zuwa rubu’in tankin, a zuba kulorin, a cika shi fal, a rufe, a bar shi awa 24. In ana sauri a ninka awon, awa 8 ta isa. Kada kowa ya kawo asid wai don ya cire farin dattin bango: yana cin siminti, kuma in ya haɗu da kulorin yana fitar da iska mai ƙona huhu.

Wahalar ita ce kwana guda cur babu ruwa a gida, ga kuɗin aikin mai zafi, ga na motar ruwa har sau biyu. Kuma duk tsabtar nan, ruwan garin na teku ne da aka tace, salaf yake a baki. Wallahi har yau ban sha abin da ya kamo ruwan randar Inna ba.

Amma abin da ya tsaya mini a rai washegari ya faru. Sun zubar da ruwan kulorin duka, suka cika da sabo, suka bar shi minti 30, suka sake zubarwa, suka cika. Sannan mutumin ya ɗebi ruwa a ’yar kwalba, ya jefa ƙwayar gwaji mai suna DPD, ruwan ya ɗan yi launin hoda. Ya gwada da katin launi, ya kira ni na gani da idona: bai wuce miligiram 0.5 a lita ba. Ya ce da ya yi jajir, da sai an sake ɗauraya, kuma ba ya karɓar kuɗi sai wannan kwalbar ta yarda. Ina za ka samu wannan a wajen masu aikinmu, da ke leƙa tanki su ce ya yi?

Idan ba ku samu ƙwayar ba, a ci gaba da ɗauraya har warin ya koma ɗan kaɗan sosai, ko da yake hanci ba ma’auni ba ne. Ruwan kulorin da za a fara zubarwa kuma kada a sake shi cikin lambun albasar Kawu, ko kududdufin da dabbobi ke sha, zai ƙona shuka ya kashe kifi. A ja shi da tiyo zuwa busasshen fili can bayan makaranta. Kafin a cika, a duba tsagar nan ta bangon gabas a liƙe ta, ta nan ruwan kwatami ke shiga da damina.