Bim mai kusurwa huɗu da bim mai siffar I: wanne ke riƙe da ragowar sitires mai yawa?

"'Yan'uwa, an ce shef fakto na bim mai kusurwa huɗu 1.5 ne, na mai siffar I kuwa bai kai 1.2 ba. Kenan na farkon ya fi ƙarfi? Kuma in an lanƙwasa su har ƙarfen ya saki sannan aka sauke kaya, wanne ne sitires zai fi saura a cikinsa?"

Ɗan'uwa, tambayoyin nan naka biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Mu ɗauki bim biyu na ƙarfe iri ɗaya, wanda ke saki a σy = 250 MPa, mu kuma ɗauka cewa in ya saki ba ya ƙara tauri.

Na farko curarre ne mai kusurwa huɗu, faɗi milimita 50, tsayi 100. Gefensa na sama da na ƙasa suna fara saki in momen, wato ƙarfin lanƙwasa, ya kai My = σy·bh²/6, wato 20.8 kN·m. Amma a lokacin cikinsa bai saki ba tukuna. Sai an ci gaba da loda shi sakin ke ratsawa ciki, har ya cim ma layin tsakiya a Mp = σy·bh²/4, wato 31.25 kN·m. Raba na biyu da na farko, ka sami 1.5, shi ne shef fakto.

Na biyu mai siffar I ne, tsayi 200, filanj, wato falankin sama da na ƙasa, faɗi 100 da kauri 10, sai web da ke tsaye tsakaninsu mai kauri 6. Nasa My kusan 52.5 kN·m ne, Mp kusan 59.7, shef fakto 1.14. Yawancin namansa yana can gefe, don haka da gefen ya saki, abin da ya rage a ajiye kaɗan ne. Ka duba fa: ƙarfen da ke yankinsa 3,080 mm² ne kacal, na curarren 5,000, amma ya kusa ninka shi ɗaukar kaya. Shef fakto ba ya auna ƙarfi. Tazarar da ke tsakanin fara saki da saki gaba ɗaya yake aunawa, kuma a ganina babbar tazara alama ce ta naman da ke zaune kusa da tsakiya ba ya aikin kirki.

Yanzu sauke kaya. Ƙarfen da ya saki ba ya komawa ta hanyar da ya zo, komawar roba yake yi a miƙe. Saboda haka sai ka ɗora masa Mp ta kishiyar fuska, ka lissafa da σ = M·y/I, inda y yake nisa daga layin tsakiya, I kuma momen na biyu na yankin, ka haɗa da abin da ke nan.

A curarren, gefen ƙasa yana cikin ja na 250. Saukewa ta cire 1.5 × 250 = 375. Saura 125, amma ya juye ya zama matsi. A nan ɗalibai kan yi turus: ya za a yi 375 ya wuce 250 ba tare da saki ba? Ai 375 ɗin canji ne. Daga ja na 250 zuwa matsi na 250 akwai filin 500, bai cinye shi ba. In ka matso ciki ragowar na raguwa, ya zama sifili a milimita 33.3 daga tsakiya, daga nan ya koma ja yana hawa har kusan 250 dab da layin tsakiya.

A mai siffar I, saukewa ta cire kusan 284, saura matsi na 34 kawai a gefe. Sifilinsa yana milimita 88 daga tsakiya, wato a cikin web, dab da inda ya haɗu da filanj, sai web ɗin ya riƙe sauran. A duka biyun ragowar gefe (f − 1)·σy ne, inda f yake shef fakto. Curarren ne ya fi shi nesa ba kusa ba.

Wancan 250 na tsakiya kuwa na takarda ne, domin bim na gaske ba ya kaiwa Mp cif. In rabin tsayin curarren bai saki ba, momen ɗin 1.375My ne, ragowar gefe kusan 94, a iyakar sakin 78, a tsakiya sifili.

Ragowar yana daidaita kansa, ba ya barin ƙarfi ko momen a waje, shi ya sa ido ba ya ganinsa, sai dai ɗan doron da bim ɗin ya yi. Amma ka kankare fuska ɗaya da inji, za ka ga sandar ta sake karkacewa da kanta. In ka sake loda shi ta fuskar farko, ba zai saki ba sai ya kai inda ya tsaya a baya. Ta kishiyar fuska ne matsalar take: gefen curarren 125 kawai ya rage masa, rabin My ya isa ya sa shi saki, alhali mai siffar I yana da sauran 216.