Robar tukunyar furesha: hoto ɗaya bai isa ba

Wata uku tukunyata tana tsiyayar tururi ta gefen murfi, usur ɗin ma ya daina kuka. Ƙafar saniyar da nake gamawa cikin ƙanƙanin lokaci ta koma cin gas kamar a tukunyar gargajiya na ɗora ta. Da na ciro robar murfin sai na ga ta bushe, duk ta tsattsage.

Akwai wani shago a kasuwar Sabon Gari da suke cewa ka turo hoto ta WhatsApp su gane maka samfurin. Na ɗauki tukunyar daga gefe na tura. Ko minti biyu ba a yi ba yaron shagon ya amsa: "Hajiya, na gane ta, mai lita 7 ce." Na biya, aka kawo mini har Gwammaja.

Robar nan ta ƙi zama. In na tura wannan gefe sai wancan ya kumburo, murfin kuma ba ya juyawa sai da ƙarfin tsiya. Ban yarda na ɗora a wuta ba.

Washegari na kinkimi tukunyar na hau adaidaita. Allah ya sa na tarar da mai shagon da kansa. Bai ko kalli hoton ba, kifa tukunyar ya yi ya nuna mini rubutun da aka buga a gindinta, `22 cm`. Yaron nasa ta 24 ya aiko mini. Alhajin ya ce roba faɗin bakin tukunya take bi, ba lita ba, domin tukwane biyu za su iya yin faɗi ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya zurfi. Hoton gefe kuwa ba ya nuna faɗi. Abin da ya kamata a turo shi ne hoton gindi, da na cikin murfi, da na bakin tukunyar an gitta tef ɗin tela a kai. Na ce ai da na sani da tsohuwar robar na auna. Ya ce ita ma tana ruɗi, don ta riga ta saki. Ya kuma nuna mini cewa mai murfin da ke shiga ciki, irin ta Hawkins, robarta daban take da irin tawa mai murfin juyawa.

Ya canza mini ba ƙarin ko sisi. A gida na gwada da ruwa kofi biyu, gefe shiru, usur ya yi kukansa. A nan kam na yaba masa.

Amma fa har yanzu abin yana cina. Duk wannan bayani me ya hana a koya wa yaron da aka damƙa wa wayar? Kuɗin kawowa na biya, na adaidaita zuwa da dawowa na biya, ga cunkoson Bata da tsakar rana da tukunya a cinya. Ko haƙuri yaron bai ba ni ba, cewa ya yi wai hotona ne bai fito ba.