Akantan da ya daidaita min littafin shago da takardar banki

Gaskiya da farko ban so biyan kuɗin akantan nan ba, ganin ai lissafi ne kawai. Muna harkar riɗi da zoɓo a Maigatari, yara biyu ke rubuta min shige da fice, kuma ƙarshen wata littafi ya ce akwai 1,460,000 a asusu amma sitatimen na banki ya nuna 1,209,650. Giɓin 250,350 kenan, har na fara yi wa yaran wani irin kallo, Allah ya yafe mana.

Da ya zo bai ko kalli jimla ba. Ya fara duba ko kuɗin farkon wata sun yi daidai a ɓangarorin biyu, sannan ya ɗau jan biro yana bi layi-layi, duk abin da ya gani a littafi kuma ya gani a sitatimen sai ya sa masa alama, wanda ba shi da abokin zama ya zagaye shi. A nan ne ya kamo 320,000 na wani dillali da aka rubuta sau biyu. Ranar Alhamis ta kasuwa mutumin ya nuna risit na taransifa a wayarsa, yaro ɗaya ya rubuta, netwok ya riƙe alat ɗin sai Asabar ya shigo, ɗayan yaron ya sake rubutawa. Na ce to idan biya biyu ya yi fa? Ya ce "Alhaji duba nan", a sitatimen shigarwa ɗaya ce tak da sunansa, sannan lambar taransifa ta risit ɗin, wato Session ID, ita ma ɗaya ce. Ya ce kuɗi iri ɗaya ba shi ke nuna maimaici ba, sai an ga banki ya karɓa sau ɗaya kafin a soke layi.

Sai kuma 75,000 da ta shigo ba wanda ya rubuta, da cajin banki 5,350, na alat da kula da asusu da naira hamsin-hamsin ɗin nan. An cire 320,000, an ƙara 75,000, an cire caji, ya tsaya cif a 1,209,650. Wallahi sai da na ji sanyi a raina saboda yaran.

Amma fa abin da ya ɓata min rai, 75,000 ɗin nan bai gano ta waye ba, sunan mai POS ne a jiki, ya rubuta "a bincika" ya tafi, yanzu ina da masu bashi da ban san wa zan rage wa ba. Na kira shi ya ce wannan aikin daban ne sai an ƙara kuɗi. Haba malam! Duk wanda zai ɗauke shi ya yi ciniki har da bin diddigin kuɗin da ba su da suna, tun kafin ya buɗe littafi.