VRF ko cila: wanne ya fi araha a otal mai ɗaki 120 a Lekki?

"Injiniya, muna gina otal mai ɗaki 120 a Lekki. Ɗan kwangila ɗaya ya ce VRF, ɗayan ya ce cila mai tura ruwan sanyi. Ni ba kuɗin saye kawai nake dubawa ba, wanne zai fi cin aljihuna cikin shekara 25?"

Alhaji, a Legas kuɗin wuta ne ke yanke wannan hukunci, shi ya sa zan fara daga can. Duka biyun tsarin sanyaya gini ne: VRF na tura gas ɗin sanyi ta bututu daga injinan waje zuwa kowane ɗaki, cila kuwa ruwa take sanyayawa a wuri ɗaya a tura shi ɗakuna. Lambobin da zan kawo na misali ne, ka musanya su da na takardun 'yan kwangilarka.

Mu ɗauka otal ɗin na buƙatar tan 250 na sanyi idan ya cika maƙil da tsakar rana, tan a nan ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne. Amma otal ba ya yini a haka: baƙi sun fita, zauren biki a rufe. Idan matsakaicin nauyi kashi 45 ne cikin ɗari, a shekara za ka sha kusan tan-awa miliyan 1. A nan VRF ke da baki, domin kwamfiresansa mai inbata ne, yana rage gudu daidai da ɗakunan da ke kunne. Mu ba shi kilowat 1 kan kowane tan. Cila mai huce zafi da iska, haɗe da famfunansa da fankokin ɗakuna, mu ce 1.25. Cila mai hasumiyar ruwa kuwa 0.9.

Tun 2024 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawan awanni, ke biyan sama da naira 200 kan kowane kilowat-awa, janareta kuma lita ɗaya ta dizal ba ta wuce kilowat-awa 3 zuwa 3.5. A gauraya su, mu ce naira 250. Ke nan VRF miliyan 250 a shekara, cilan iska miliyan 312, cilan ruwa miliyan 225.

Inda masu tallar VRF ke yin shiru shi ne tsufa. Ana lissafa masa kimanin shekara 15, cila kuwa 20 zuwa 25, bututunsa na ƙarfe ma su wuce haka. A Lekki iskar teku ce ke da magana. Na ga injinan waje da ba a yi wa shafin kariya ba, gishiri ya cinye fikafikan alminiyonsu har suna marmashewa a hannu. Alamar farko ita ce kuɗin wuta na hawa, sanyi na raguwa. Cilan iska ma bai tsira ba, tunda shi ma a waje yake kwana.

Kada ka yarda a yi maka wannan lissafi da naira. Kayan da dala ake shigo da su, kuma mun ga dala ta tashi daga wajen 460 a farkon 2023 zuwa kusan 1,500 a 2024. Mu ce VRF ya ci dala 500,000, canjinsa a shekara ta 15 ya ci 350,000. Idan ka rage darajar kuɗin gaba da kashi 10 duk shekara, wannan 350,000 ɗin daidai yake da kusan 84,000 a yau. Rarar wutar da VRF ke yi a kan cilan iska, miliyan 62 ko dala 41,000 a shekara, ta kai kusan 375,000 a darajar yau. Cilan iska ya faɗi ke nan, sai fa in an sayar maka da shi da rahusa mai yawan gaske.

Cilan ruwa ne abokin karawa. Rararsa ta wuta a kan VRF kusan dala 150,000 ce a yau, ka ƙara 84,000 na canjin da ya tsallake, 234,000. Daga ciki sai ka cire ƙarin kuɗin saye, da ɗakin inji, da albashin mai kula da shi dare da rana, da ruwa: hasumiyar na shanye kusan lita 7 kan kowane tan-awa, wato lita miliyan 7 a shekara, ga ruwan burtsatsen Lekki mai gishiri da ƙarfe wanda sai an tace shi an zuba magani. A tan 250 sau da yawa abin da ya rage ba shi da yawa. Da otal ɗinka ya ninka haka, da na ce maka cilan ruwa ba tare da jinkiri ba.

In ka zaɓi VRF, ka sa ido kan gas. Iyakar gas ɗinsa na R-410A da aka yarda ya zube a ɗakin kwana kusan kilo 0.42 ce kan kowace mita kubik, ɗaki mai kubik 65 ba zai ɗauki fiye da kilo 27 ba idan layi ya fashe. Ka sa a raba tsarin ƙanana-ƙanana, hawa-hawa, kuma a yi waldar bututun jan ƙarfe ana hura naitirojin a ciki, in ba haka ba tsatsar walda za ta toshe bawul ta kashe kwamfiresa. Nijeriya kuma na cikin yarjejeniyar Kigali ta rage gas mai ɗumama duniya, za a fara rage irin wannan gas daga 2029. Ka nemi ɗan kwangila ya rubuta maka ko bututun da zai binne a silin za su karɓi injinan da za su zo a shekara ta 15, domin in ba za su karɓa ba, sai ka ƙara kuɗin fasa silin da na ɗakunan da za ka rufe a kan waccan 350,000.