Jama'a ku yi hattara da mai saida siɲal ɗin zinariya, jikka 122 sun tahi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ina rubuta wanga abu ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na hwaɗa. Jikka 122. Jikka 75 kuɗɗin shiga gurup nashi na manya inda yake ba da siɲal, wato ya gaya maka sa'ad da za ka sayi zinariya ko ka saida ta cikin waya, jikka 47 kuma kasuwa ta cinye. Ni da ke saye da saida albasa nan Tawa shekara da shekaru, ni da ke ƙirga buhu kan mota tun Galmi ba a taɓa rage min ko ɗaya ba, yaro ƙarami ya zauna da waya ya wanke ni.

Kuma kar wani ya zo ya ce min kwaɗayi ne, don na yi bincike. Sati biyu ina cikin gurup na kyauta ina kallo ban sa ko dala ba. Yaron ya ce cikin siɲal goma, tara na ci, na bi na ƙirga da kaina, kusan haka ne. Abin da ke ƙona min rai ke nan, mutumin bai ma yi babbar ƙarya ba wajen ƙirga ci.

Ranar da na tura kuɗɗin ita ke dawo min kullum. Bayan la'asar ne, ina zaune bakin shago, shayi na kan wuta, ya aiko da murya ya ce "babban yaya, wuri biyu sunka rage, kai na aje ma ɗaya don na ga kai mutum ne mai natsuwa". Mai natsuwa! Na tashi na bar shayin ya ƙone na tahi na tura jikka 75. Har yarinyar da ke wurin aika kuɗɗin ta ce Alhaji ka san mai lambar? na ce na san shi. Ban taɓa ganin huskarshi ba wallahi.

A'a, bari in koma baya, kafin in biya jikka 75 ɗin na riga na sa jikka 150 cikin kont, ta wani liyan da shi ya ba ni. Na yi shiga 20 da siɲal na kyauta, XAUUSD kullum, wato zinariya da dalar Amurka, lot 0.01, wato girman shigar, ban taɓa canza shi ba. 19 sunka ci, ɗaya ta faɗi. Kowane ci wajen jikka 2 in an juya sefa, faɗuwar nan guda jikka 19. Wato 38 a cire 19, riba jikka 19. To wa zai ga haka ya ƙi? Ku gaya min. Shi ya sa na biya, ba hauka na yi ba.

Bayan na biya na yi shiga 30, 24 ci, 6 faɗuwa. Kullum waya sai kore kore, ina murna, amma kont na ta ramewa kamar akuyar rani, na kasa gane inda kuɗɗin ke bi. Na tambaye shi ya ce haƙuri babban yaya, kasuwa ce ke gyara zama.

Yayana ne ya warware min, malamin lissafi ne a kolej. Na kai mishi wayar da dare ina kumbure-kumbure, ya ce buɗe History, ya ɗauko kaye da bik. Bai tambayi sau nawa na ci ba kaɗai, ya ce abu uku yake so: kashi nawa cikin ɗari na ci, in na ci nawa nake samu a tsakaice, in na faɗi nawa ke tahiya a tsakaice. Ya ce waɗannan uku ana haɗa su lamba guda, su a lissafi esperansi suke ce mata, ita ke gaya maka abin da kowace shiga ɗaya ke kawo maka ko take ɗauke maka in an daɗe ana yi. Ga abin da ya rubuta, na kwafo daga kayen:

```
E = (0,86 x 2000) - (0,14 x 19000)
E = 1720 - 2660
E = -940
```

Shiga 50 gaba ɗaya, 43 ci, shi ne 0,86 ɗin, 7 faɗuwa, shi ne 0,14. Ya ce ƙanena, duk sa'ad da ka danna maɓallin nan, ko ta yi kore ko ta yi ja, sefa 940 kake ajewa ƙasa. Ya ninka 940 sau 50, ta ba da 47.000 cif. Jikka 47 ɗina, ba ƙari ba ragi. Jikina ya yi sanyi.

Na ce to yaya ai matsalar 86 na samu, da 90 ɗin da ya yi alkawali ta cika da na ci riba. Ya yi dariya ya sake lissafi, 0,90 sau 2000 shi ne 1800, 0,10 sau 19000 shi ne 1900, har yanzu hasarar sefa 100 kowace shiga. Wato ko da duk abin da yaron ya hwaɗa gaskiya ne, hanyar tashi faɗuwa take. Ya nuna min yadda ake sanin iyaka, ka raba faɗuwar da jimlar ci da faɗuwa, 19 a raba da 21, ya ba da wajen 90,5 cikin ɗari, sai ka kai nan kafin ma ka tashi ba ci ba hasara.

Kuma dabarar a hili take, ni ne ban duba ba. TP ɗin yaron, inda shiga ke rufewa da riba, kusa kusa, SL kuma, inda take rufewa da hasara, can nesa kusan ninki goma. Zinariya ko yaya ta motsa za ta taɓa na kusa, shi ya sa ci ke yawa, ko makaho zai ba da irin wanga siɲal. Ranar da ta zabura ta tahi gefe guda sai ta haɗiye ci tara da ɗori. Abin takaici ni na san wanga lissafi a albasa! In buhu tara sunka ba ka jikka bibbiyu na goma ya ruɓe maka da jikka 19, ko yaron shago ya san ba ka yi ciniki ba. Amma da anka sa shi cikin waya da launin kore sai hankalina ya tahi kiwo.

Yaya ya ƙara da cewa wanda ke ci 40 cikin ɗari kawai, amma cinshi jikka 6 faɗuwarshi 2500, shi riba yake, 2400 a cire 1500, sefa 900 kowace shiga. Ya fi ni da 86 ɗina nesa ba kusa ba. Ya kuma ce shiga 20 ɗina na farko ba su isa hujja ba, don hanyar da faɗuwarta ke zuwa jefi-jefi amma da nauyi, tana iya yin sati biyu ba ta nuna halinta ba. Da faɗuwa biyu sunka zo cikin 20 ɗin maimakon ɗaya, 36 a cire 38, da tun ranar na ga ja, da jikka 75 ɗina na aljihu. Faɗuwa ɗaya tak ta raba.

Na manta ban ce ba, sau biyu yaron shina aiko wa gurup "ku cire SL, kar ku rufe, za ta dawo". Ni ban bi ba, Allah ya tsare. Shigar da ba a rufe ba ba ta shiga ƙirgan faɗuwa, haka lambarshi ke zama da kyau alhali kont ɗin mutane na zubar da jini. Da na tura mishi hoton kayen cikin gurup minti biyar ba a yi ba ya goge ya fidda ni. Jikka 75, ko amsa ban samu ba.

Ina da kaptir na komai, muryar tashi, rasit na turawa, History duka 50, zan sa su in na rufe lambobin mutane. In wani ya ce muku 90 cikin ɗari, ku ce ya kawo nawa ci nawa faɗuwa a tsakaice, da shigar da ba a rufe ba, ku ninka da kanku kafin ku tura ko dala. Jikka 103 da sunka rage na ce a maido min, yau kwana huɗu ina jira.