Janareto mai haɗin baƙin mai ko mai rumbun mai daban: wanne za a saya wa shago?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na kama ƙaramin shagon aski a Agege, ina son janareto. Wasu sun ce in sayi ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ya fi araha. Wasu sun ce hayaƙinsa zai kori mutane. Mene ne bambancinsu, kuma wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a shago. Ɗauki fo-sitirok, wato wanda ake zuba wa baƙin mai a rumbunsa daban. Ƙarami mai kamar kilowat ɗaya ya ishe ka, ko da za ka yi wata guda kana tara cikon kuɗin.

Irinsa nake da shi a shagon ɗinkina a Idi-Araba. Da azumin bana, lokacin ɗinkin sallah, tun bayan tarawi muke tayar da shi har sahur yana ta gurnaninsa a waje, yara na kan keke, fitilu da fanka na aiki, ba wanda ya tashi duba shi sai don ƙara fetur. Da safe ka shinshina shaddar mutane da ke rataye, ba warin hayaƙi. Shi kuwa ɗan ƙaramin mai lamba 950, wato tu-sitirok ɗin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, abin da zan yaba masa kawai shi ne hannu ɗaya ke ɗaukarsa, kuma kowane bakanike a bakin titi zai kwance shi ya mayar kafin ka gama shan shayi.

Rashin nauyin nasa da hayaƙin nasa duk abu ɗaya ne ya haife su. A fo-sitirok, fistin sai ya yi tafiya huɗu kafin wuta ta tashi sau ɗaya: ya sauka ya jawo fetur da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ya sake sauka, sannan ya hau ya kori hayaƙi. Akwai bawul biyu da ke tsare ƙofofin, na shiga da na fita, kowanne da lokacinsa. Bawul ɗin nan da ƙarafan da ke motsa su, da rumbun mai, su ne nauyin, su ne kuma tsadar. Tu-sitirok ya zubar da wannan duka. Ramuka ne kawai a jikin silinda, fistin da kansa ke rufe su ya buɗe yayin da yake hawa da sauka, kuma duk juyi ɗaya na karanshaf sai wuta ta tashi. Shi ya sa ɗan inji mai girman sisi 63 kacal yake iya haska shago.

To ina baƙin mai zai zauna? Ba shi da wuri. Ƙasan injin, inda fo-sitirok ke ajiye mansa, a nan tu-sitirok yake fara tara fetur da iskar da ya jawo kafin fistin ya tura su sama. Da za a cika wurin da mai, da ya kwashe shi ya kai ɗakin wuta. Dole sai dai a gauraya man cikin fetur, ya shafi karanshaf da ringi a kan hanyarsa ta wucewa, sannan ya je ya ƙone. Shuɗin hayaƙin da kake gani ke nan. Wanda ya san tsofaffin Jincheng na zamanin acaɓa ya san wannan hayaƙin, su ma tu-sitirok ne, sai dai su da ɗan tankin mai a gefe da famfo mai auna musu.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ido bai cika gani ba, kuma ita ce ta fi cin aljihu. Idan fistin ya sauka ƙasa, ramin shiga da ramin fita a buɗe suke lokaci guda. Sabon fetur ne ke tunkuɗa tsohon hayaƙi waje, kamar mai wanke jarka yana ɗura ruwa mai kyau don na datti ya malalo; ba yadda za a yi mai kyan bai bi shi ba. A irin waɗannan injina masu kafireta, abin da ke ficewa ta salansa bai ƙone ba yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗin. Ka tsaya bayansa minti biyu, za ka ji warin ɗanyen fetur a rigarka da yaji a ido. Tun da aka cire tallafi a 2023, wannan ba asarar da mai aski zai kawar wa kai ba ce. Hayaƙin nan ma shi ne dalilin da kwastan suka bayar a 2015 da suka hana shigo da su da yawa, ko da yake har gobe kasuwa cike take da su.

Mu yi lissafi da shagonka. Ma'aunin da aka fi rubutawa a murfin tankinsu shi ne 50:1, wato mililita 20 na mai a kowace litar fetur. Tankin yana cin kamar lita 4, ka ga mililita 80 ke nan a cikawa ɗaya. In kana shanye tanki guda kullum, a wata ka ƙone baƙin mai lita 2 da kusan rabi, duk ya tashi a ƙofar shagon da mutum ke zaune rabin awa da ƙyalle a wuya. Ƙaramin fo-sitirok kuwa kamar rabin lita rumbunsa ke ɗauka, kuma juye shi ake yi idan ya yi awa 50 zuwa 100 yana aiki, ba ƙonewa yake ba.

Kuma wa ke aunawa a Legas? Mai sayarwa ne zai tsiyaya maka a jarka da ido. In ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi ya jiƙe, ka yi ta jan igiya yana tari, baƙin maiƙo na ɗiga daga salansa, a hankali gawayi ya toshe ramin fita ƙarfinsa ya ragu. In ya yi kaɗan, nan ne babbar matsala: inji ya ɗau zafi, fistin ya kama jikin silinda, igiya ta ƙi jawuwa, sai sabon fistin da ringi, wani lokaci har da bulok. Idan dai aljihu ya tilasta maka sayen tu-sitirok ɗin, nemi man da aka rubuta 2T a jikin gorarsa, kada ka zuba na mota, don shi ba a yi shi don ƙonewa ba, toka yake bari. Sami sirinji ko murfi mai ma'auni, ka haɗa a jarka ka girgiza kafin ka juye a tanki. Kowanne ka saya dai, a waje yake aiki, nesa da ƙofa da taga. Iskar da ke kashe mutane cikin barci ba ta da wari ba ta da launi, kuma fo-sitirok ma yana fitar da ita.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da 'yan kasuwa, ko Alaba ka je ko nan cikin Agege. Wani zai nuna maka lambar 950 ya ce ƙarfinsa ke nan, alhali abin da yake iya riƙewa bai wuce wat 650 ba. Wani zai rantse kwayil ɗin jan ƙarfe ne, ashe alminiyom ne aka shafa wa launi. Akwai kuma tsohon da aka wanke aka fesa wa fenti aka mayar kwali. Leƙa bakin salansa da tocilan, ka sa a kwance fulogi ka gani, sabo ba ya tara baƙi. Tafi da bakaniken da ka yarda da shi ka ba shi kuɗin mota, kada ka amince da wanda zai tare ka a bakin kasuwa ya ce zai raka ka. A tayar a gabanka, a jona masa kaya ka ji ko muryarsa za ta sauya, sannan a rubuta maka rasit da lambar injin. Sabon fo-sitirok yawanci ba mai a rumbunsa yake zuwa, don haka ka tabbata an cika kafin a ja igiyar farko, kuma ka juye wannan man na farko idan ya yi kamar awa 20.